Waiwaye: Yadda Lissafin Ruwan Bafa Ya Samo Asali Daga Jini

Ruwan bafa shi ne ruwan da ke jure asid ko bes, wato kishiyar asid, ba tare da tsaminsa ya canja sosai ba, kuma tambayar da ta haifi lissafinsa daga jinin ɗan Adam ta fito. Jiki na samar da asid dare da rana, amma jini ba ya yin tsami. A 1908 Lawrence Henderson na Jami'ar Harvard ya rubuta amsar a lissafe: yawan H⁺, wato ƙwayar haidirojin da asid ke saki, a jini ya dogara ne kan yawan asid ɗin kabonik idan aka gwada shi da yawan bayikabonet. A lokacin ma babu pH, ma'aunin tsamin ruwa da ke raguwa in H⁺ ya ƙaru. Sai a shekarar da ta biyo, 1909, Søren Sørensen ya fito da shi a ɗakin binciken Carlsberg da ke Copenhagen. Daga baya, cikin shekarun yaƙin duniya na ɗaya, wani likita ɗan Denmark, Karl Hasselbalch, ya ɗora lissafin Henderson kan sabon ma'aunin, aka sami ƙa'idar da ake koyarwa har gobe:

pH = pKa + log([A⁻]/[HA])

HA shi ne asid mai rauni, A⁻ kuma abin da ya rage bayan ya saki H⁺, wato bes ɗin da ke abokin tafiyarsa, pKa kuwa adadi ne da ke nuna ƙarfin asid ɗin. Wannan fahimta ta asid da abokinsa sai a 1923 ta zauna sosai, da aikin Brønsted da na Lowry. HA da A⁻ kowanne na da aikinsa a cikin ruwan. In aka zuba asid mai ƙarfi, A⁻ ya kama H⁺ ya koma HA. In bes mai ƙarfi ne ya shigo, HA ya ba da H⁺ ya kashe shi. Baƙon ba ya ɓacewa a banza, yana rage ɗaya ya ƙara ɗaya, kuma da yake logaridim ake ɗauka, sai pH ya ɗan motsa kawai.

A ɗauki lita ɗaya mai ɗauke da mol 0.10 na asid ɗin asetik da mol 0.10 na sodiyam asetet. pKa na wannan asid 4.76 ne, kuma tun da biyun sun yi daidai, pH ma 4.76 ne. A zuba mol 0.01 na HCl, wanda asid ne mai ƙarfi. Asetet zai sauko zuwa 0.09, asid ya hau 0.11. Raba 0.09 da 0.11 ya ba da 0.82, logaridim ɗinsa −0.09, pH ya tsaya a 4.67. Da ruwa zalla aka zuba wa wannan adadin, da pH ya faɗo daga 7 zuwa 2.

Sai dai akwai abin da ƙa'idar ba ta faɗa, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Tana nuna inda pH yake, ba ta nuna nauyin da ruwan zai iya ɗauka. Donald Van Slyke ne ya ba wannan juriya ma'auni a 1922, ya nuna cewa ta fi ƙarfi a lokacin da asid da abokinsa suka yi kunnen doki. A sake haɗa lita ɗin nan da jimilla iri ɗaya, mol 0.20, amma a wannan karon asid 0.18, asetet 0.02. pH zai fara daga 3.81. Mol 0.01 na HCl zai cinye rabin asetet ɗin, pH ya sauka kusan 3.5, faɗuwar da ta ninka ta farko fiye da sau uku. In aka ƙara wani 0.01, asetet ya ƙare, ƙa'idar ma ta daina aiki, domin ba a ɗaukar logaridim ɗin sifili. Shi ya sa ake zaɓar asid ɗin da pKa ɗinsa bai yi nisa da pH ɗin da ake nema da fiye da ɗaya ba, wato kada ɗayansu ya ninka ɗaya fiye da sau goma.

Sirkawa ma tana yaudara. In aka ninka ruwan sau goma, mitar pH za ta nuna kusan abin da ta nuna da farko, alhali juriyar ta koma kashi ɗaya cikin goma. Hanyar ganewa ita ce a ɗebi kaɗan a ɗiga masa asid da aka san ƙarfinsa, a ga nisan da adadin zai gudu.

Abin mamaki, jinin da aka faro da shi ya saɓa wa dokar ninki goma. pKa ɗin da ake lissafi da shi a jini 6.1 ne, bayikabonet kuwa kusan milimol 24 a lita, iskar CO₂ da ta narke, wadda ke tsaye a madadin asid ɗin kabonik, kusan 1.2. Ninki ashirin ke nan, logaridim ɗinsa 1.3, jimilla 7.4. A rufaffiyar kwalba irin wannan haɗi ba zai jure asid sosai ba. A jiki yana jurewa saboda huhu na fitar da CO₂ ɗin da ya ƙaru cikin mintuna, ƙoda kuma ta daidaita bayikabonet cikin awoyi zuwa kwanaki.