Kod ɗin da ke aron gida: tambayoyin wani mai koyon fiyano a Kano

Malam, a cocinmu na Sabon Gari muna rera wata waƙa a ki ɗin C, ina bin ta da C, F da G lafiya ƙalau. Sai a wani wuri littafi ya nuna D mai F#. Daga ina wannan baƙin maɓalli ya fito?

Ɗana, wannan shi ne abin da masu kiɗa ke kira sakandare dominan. A ki ɗin C, gida shi ne C, kuma kod ɗin da ke jan kunne zuwa gida shi ne dominan, wato G7 mai G, B, D, F. Ƙarfinsa yana cikin B, wanda tazararsa da C rabin taki ce kawai, wato daga maɓalli zuwa na kusa da shi. Da ka taɓa shi, kunne ya ƙagu ya ji C.

To, mai tsara waƙa yakan so G ma ya samu irin wannan tarba. Sai ya tambayi kansa: da a ce G ne gida, wa zai ja kunne zuwa gare shi? Amsar ita ce D, F#, A. Kod ɗin D na asali a ki ɗin C maino ne, D, F, A, ba ya jan kowa. Ɗaga F zuwa F# shi ke mai da shi mejo, ya kuma ba shi sautin da ke rabin taki ƙasa da G. A rubuce ana sa masa V/V, ma'ana na biyar na na biyar, domin G ne na biyar daga C, D kuma na biyar daga G. A solfar da kuke rerawa, wannan sautin shi ne fe, kuma aikinsa ya hau zuwa so.

Na ɗan lokaci G yana zama kamar mai gida, ko da na bugu biyu ne. Wannan aron gida shi ne tonisaizeshan.

Akwai waƙar da zan gwada in ji da kunnena?

Nemi karin nan da ake kira St Anne, wanda aka wallafa a 1708, ana kuma danganta shi ga William Croft. Layinsa na farko yana ƙarewa da do, ti, do, a gida. Na biyu kuwa ga yadda yake:

```
s  d'  s  l  fe  s
G  C   G  A  F#  G
```

Ka buga layin a hankali da hannun dama. A kan fe ka sa kod ɗin D da hannun hagu, a kan so na ƙarshe ka sa G, ka tsaya nan ka saurara. Za ka ji an sauka, an huta, alhali ba C ka taka ba. Yanzu sake bugawa, amma ka sa fa a madadin fe, da D maino a ƙasa. Layin zai isa G, amma kamar wanda aka tsayar a bakin ƙofa, ba a ce masa bismilla ba.

Na fi son wannan misali domin fe ɗin yana cikin babbar murya, kowa na jin sa. A waƙoƙi da yawa yana ɓoye ne a alto ko tena, kuma a nan ake samun matsala. Na taɓa zama a wajen gwaji inda masu alto ke rera fa, fiyano na ba da fe, sautuka biyu na gogayya da tazarar rabin taki. Kowa ya ji wani abu na ƙaiƙayi, amma aka ɗora laifin a kan lasifika. Da muka ware alto su kaɗai, na sa suka rera so, fe, so sau biyar, sai wurin ya washe.

Ashe ke nan an canza ki?

A'a. Duba abin da ya biyo baya. Idan F# ya zo sau ɗaya, sannan F ya dawo, layi na gaba ya kama hanyar C, to aro ne kawai. Idan kuwa F# ya zauna layi bayan layi, har kunnenka ya fara kiran G da sunan do, wannan ƙaura ce, ita ce modileshan.

Idan babu littafi, waƙar zamani ce nake ji a waya, ta yaya zan gane shi?

Abu na farko, ka san halin kod shida na ki ɗin: C, F da G mejo ne, D, E da A maino ne. Duk lokacin da ɗaya daga cikin mainon nan ya yi haske ba zato, ka tsayar da waƙar. Nemo sautin bes a fiyano, sannan ka nemo na kod ɗin da ya biyo. Idan daga na farko zuwa na biyu ka hau rabin taki biyar, kana ƙirga farare da baƙaƙe, to ka kama shi. D zuwa G haka yake, E zuwa A haka, A zuwa D haka.

Wanda za ka fi cin karo da shi a waƙoƙin soyayya da na yabo shi ne na E:

```
C   Em   Am   F
C   E7   Am   F
```

Buga layin sama, sannan na ƙasa. Yatsan da ya motsa daga G zuwa G# shi ya yi aikin, wato se mai hawa zuwa la, sai D da aka ƙara a sama ya ƙara masa nauyi. Am ɗin layin ƙasa yana zuwa kamar abin da aka daɗe ana jira. Sunan wannan E7 shi ne V7/vi, wato dominan na Am, kod na shida.

Akwai wani da wannan dabara ba ta kamawa, domin tun asali mejo ne. Shi ne C7, wato C, E, G, Bb, mai kai ka F. A nan baƙon sautin shi ne Bb, wanda a solfa ake kira ta, kuma sauka yake yi zuwa la, E kuma ya hau F. Masu fiyanon coci sun san shi sarai, suna jefa shi gab da amshi ko da ba su san sunansa ba.

To duk E mejo da na ji kafin Am sakandare ne?

Sai ka fara sanin ina ne gida. Idan waƙar a A maino take zaune, can take farawa can take hutawa, E7 dominan ɗinta ne na asali, ba aro ba. Wani lokacin kuma a ki ɗin C za ka ji E7 ya wuce F maimakon Am. E7 ya yi alkawarin A, se ɗin ma ya hau la, sai dai bes ya kauce.

Zan iya sa shi a waƙar Hausa idan na je situdiyo?

Za ka iya, amma ka saurari mawaƙi tukuna. Waƙoƙi da dama da ake ɗauka a situdiyoyin Zoo Road suna tafiya ne a kan sautuka biyar, la, do, re, mi, so, babu rabin taki a cikinsu. Idan mawaƙiya ta riƙe so, kai kuma ka danna E7 mai se, kun yi karo, kuma ba ita ce ta kauce ba. Nemi wurin da muryar ke kan mi ko re, domin duka biyun suna cikin E7, ko kuma gurbin da ta yi shiru tana jan numfashi kafin amshi. Idan kana amfani da Transpose, maɓallin da ke ɗaga ki ko sauke shi, ka ci gaba da ƙirga daga do na yatsunka, tazarar ba ta canzawa. Ka ba E7 bugu biyu na ƙarshen layi, ka sauka a Am daidai lokacin da 'yan amshi suka shigo.