Idan kana neman agajin gaggawa kuma ba ka san adireshin wurin ba

Duk wanda ya taɓa karɓar kiran gaggawa a Kano ya san wannan magana: «Ku zo da sauri, muna nan bayan masallaci!» Sai kuma a kashe waya. Masallatai nawa ne a Kurna kaɗai? Mu ma'aikatan lafiya mun sani cewa sau da yawa mota takan baro asibiti a kan lokaci, amma ta ƙare da zagaye unguwa tana tambayar masu shayi, mara lafiya kuma yana kwance numfashinsa na sama-sama. Yawancin lungunanmu ba su da allon suna, gidajen ba su da lamba a jikin ƙofa, shi ya sa kwatance ne adireshinmu, kuma kwatance yana da ƙa'ida.

Ƙa'idar ita ce a fara daga babba a gangaro zuwa ƙarami: unguwa, babban titi, mashiga, sannan gida. Wanda ya ruɗe yakan fara da abin da idonsa yake gani, ya ce ga shagon mai cajin waya, ga bishiyar darbejiya. Direban da yake tahowa daga wani gefen gari ba shi da abin yi da darbejiya sai ya iso unguwar tukuna.

A sunan unguwa ma ake fara ɓata. Kano cike take da sunaye masu kama da juna. Rijiyar Lemo tana kan titin Katsina, Rijiyar Zaki kuwa tana can titin Gwarzo, hanyar sabuwar jami'ar Bayero. Akwai Ɗorayi Babba, akwai Ɗorayi Ƙarama. Akwai Tudun Murtala, Tudun Maliki da Tudun Yola, kuma ba maƙwabtan juna ba ne. Ko jami'ar ka ambata, sai ka ce tsohuwa ko sabuwa. A cikin kuka da hayaniya rabin suna kawai ake ji, don haka ka faɗi sunan cikakke, ka haɗa shi da babban titin da yake kai wa can.

Mu ɗauka wata baiwar Allah ta je suna gidan ƙawarta a Rijiyar Lemo, adaidaita ce ta sauke ta, ba ta san sunan layin ba. Ana cikin hidima sai wata dattijuwa ta yanke jiki ta faɗi. Abu na farko, baƙuwar ta matsa daga cikin masu salati zuwa inda za a ji muryarta, ta jawo ɗan gidan ko wani matashin layin kusa da ita, domin shi ya san sunan da 'yan unguwa suke kiran wurin. Ta kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa wadda ake kira kyauta, ko ta kira wanda zai kawo mota. Ga yadda maganarta ya kamata ta kasance:

«Muna Rijiyar Lemo, titin Katsina. In kun taho daga cikin gari, kun wuce Kurna, akwai gidan mai a hannunku na dama. Ku shiga layin da yake jikinsa. Ku wuce kwana biyu, a ta uku ku yi hagu, wajen tiransifoma. Gida ne mai baƙin get, an kafa rumfar suna a ƙofa. Wata dattijuwa ce ta faɗi, tana numfashi amma ba ta magana. Akwai yaro mai jar riga a bakin titi yana jiranku.»

Ku lura da «in kun taho daga cikin gari». Wannan ita ce gaɓar da aka fi mantawa, kuma ita ta fi jawo ɓata lokaci. Hannun dama na wanda ya taho daga Kurna shi ne hannun hagu na wanda ya taho daga Dawanau. A titi mai hannu biyu da shinge a tsakiya, kuskuren hannu yana nufin direba ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami wurin juyawa, ga cunkoso. In dama da hagu sun rikice maka, yi amfani da gabas da yamma, tunda kowannenmu ya san alƙibla, kuma masallacin da yake kusa zai nuna maka ita.

Alamar da za ka bayar ta zama wadda ba ta tashi, kuma baƙo zai iya gane ta daga cikin mota: gidan mai, makarantar firamare, masallacin Juma'a, gadar sama, ƙofar gari irin Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Mata. Mai tsire da mai kayan miya suna tashi. «Gidan Alhaji» kuwa ɗan unguwa kaɗai yake amfana da shi. Bayan ka gama, ka ce wa mai sauraro ya maimaita maka, kada kuma ka riga shi kashe waya.

Mai babbar waya yana da wata hanya a hannunsa. Ka kunna Location, ka fito fili, domin a cikin ɗaki, ƙarƙashin rufin kwano ko na siminti, waya takan yi lalube ta nuna wani layin daban. A WhatsApp ka buɗe hirar wanda zai zo, ka danna alamar haɗa saƙo, ka zaɓi Location. Kada ka yi saurin turawa. A ƙasan Send your current location akwai rubutu da yake nuna kusancin a mitoci. In ka ga ɗaruruwa, ka ɗan dakata har ya sauko wajen 10 ko 20. Kada ka zaɓi sunan shago ko makaranta daga jerin da yake ƙasa, wannan wurin wasu ne. Idan kuna cikin tafiya, misali kun ɗauko mara lafiya a adaidaita za ku haɗu da mota a hanya, Share live location ya fi dacewa.

In wanda ya ɗauki kiran ba shi da inda za a tura masa taswira, ana iya karanta masa lambobi. A Google Maps ka danna kan shuɗin ɗigon nan da yake nuna inda kake ka riƙe, lambobi biyu za su fito, irin 12.0022, 8.5920. A Kano ta farko tana farawa da 11 ko 12, ta biyu da 8. In aka juya su, wurin ya koma can kudancin Adamawa. Ka karanta ɗaya bayan ɗaya, har lamba huɗu bayan ɗigo, domin kuskure a lamba ta biyu bayan ɗigo ya fi kilomita guda, a ta uku kuma ya kai mita 100. Tura su ta tes ya fi aminci, kuma tes ba ya buƙatar data.

Sai dai taswira tana nuna inda kake ne kawai, ba ta san lungun da mota ba za ta shiga ba. A cikin ganuwa, wajen Jakara ko bayan kasuwar Kurmi, akwai lungunan da ko adaidaita ba ta ratsawa, wasu kuma damina ta cinye su ko an toshe da rumfar biki. Ka faɗa tun a waya cewa mota za ta tsaya a bakin titi, domin su sauko da gadon ɗaukar mara lafiya. Wanda za a tura tarya ya zama mai wayo, ya tsaya a daidai mashigar da aka faɗa, da waya a hannu, da dare kuma da tocila. A ba direba lambarsa. Wayar da aka yi kiran da ita a bar ta a buɗe, a dakata da sanar da dangi, domin ita za a sake nema in an iso. Kafin motar ta ƙaraso, matasan layi su janye babura da bencina daga hanya, a buɗe get gaba ɗaya.