Alhakin Kamfanin Dako Kan Kayan da Suka Ɓace ko Suka Lalace a Hanya

Alhakin mai dako shi ne nauyin da doka ta ɗora wa kamfani ko mai mota idan kayan da aka ba shi ya kai wani gari suka ɓace, suka jiƙe, suka farfashe ko suka ƙone kafin su isa hannun mai karɓa. A Legas maganar ta fi shafar 'yan kasuwar da ke loda kaya daga Apapa, Iddo da Alaba zuwa Kano da sauran garuruwan Arewa, da masu kawo tumatir, albasa da wake kasuwar Mile 12. Galibi ba a jayayya kan cewa an yi asara. Inda ake kai ruwa rana shi ne nawa kamfanin zai biya, kuma amsar tana rataye ne a kan takardar rakiyar kaya, wadda ake kira wayabil a tasha.

Asali

Tushen dokar daga Ingila yake. An shigo da dokar Ingila Legas a 1863, shekara biyu bayan garin ya koma hannun Birtaniya, daga baya aka tsayar da 1 ga Janairun 1900 a matsayin ranar da ake duba manyan dokokin Ingila da Najeriya ta gada.

A waccan doka masu dako iri biyu ne. Akwai mai dakon jama'a, wanda ya buɗe ƙofarsa ga duk wanda ya zo da kaya da kuɗin dako, akwai kuma wanda ke zaɓar abokin hulɗarsa. Na farko an tsananta masa ƙwarai: yana biyan duk abin da ya salwanta ko da ba laifinsa ba ne, ko da 'yan fashi ne suka tare shi. Alƙali Holt ya bayyana dalili a shari'ar Coggs da Bernard ta 1703, cewa in ba haka ba mai dako zai iya haɗa baki da ɓarayi ta yadda mai kaya ba zai taɓa ganowa ba. Duk wanda ya taɓa jin direba ya ce an sauke masa kaya da dare yana barci zai ga hikimar wannan hukunci. Uzuri kaɗan aka bar masa: bala'i daga Allah wanda babu hannun mutum a ciki, farmakin abokan gāba a lokacin yaƙi, aibin da ke jikin kayan kamar tumatir ɗin da ya riga ya nuna, da laifin mai kaya wajen ɗauri.

Masu dako ba su zauna haka ba. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 suka fara manna sanarwa cewa ba za su biya fiye da kaza ba, har Majalisar Birtaniya ta yi dokar masu dako ta 1830, wadda ta ce kayan ƙima irin su zinariya, agogo da siliki, in darajarsu ta haura fam 10, sai an faɗi ƙimarsu an kuma biya ƙarin kuɗin da aka nema kafin a ɗauki alhakinsu. Daga nan ne al'adar bayyana ƙimar kaya ta yi ƙarfi. A fiƙihun Malikiyya kuwa mai dako amintacce ne, ba ya biya sai ya yi sakaci, amma malamai sun keɓe mai dakon abinci suka ɗora masa lamuni saboda saurin miƙa hannu gare shi.

Matsayin kamfanoni a yau

Yawancin kamfanonin tirela suna rubuta cewa su ba masu dakon jama'a ba ne. Don haka ana ɗaukarsu masu riƙon amanar kaya a kan lada. Mai kaya zai nuna ya miƙa kaya lafiya kuma ba su iso haka ba. Daga nan kamfanin ne zai kawo hujjar cewa bai yi sakaci ba.

Sharaɗin rage diyya

Sharuɗɗan da ake bugawa a bayan wayabil kan zo ta fuska uku: cewa asarar kaya tana wuyan mai su, ko diyya ba za ta wuce wani adadi a kan kowane ƙunshi ba, ko dole a kai ƙorafi cikin 'yan kwanaki. Kotu kan fara tambayar ko sharaɗin ya shiga yarjejeniya tun farko. Wanda ya sa hannu ya ɗaure kansa ko bai karanta ba. Wanda bai sa hannu ba, sai an nuna an ja hankalinsa ga sharaɗin kafin a ƙulla ciniki ko a lokacin. Takardar da aka miƙa bayan an gama lodi an biya kuɗi ta makara. Sannan ana fassara kalmomin a tsaurare, duk inda suka yi harshen damo kamfanin da ya rubuta su ne ke cutuwa.

Misali zai fito da abin fili. A ce ɗan kasuwa ya loda dila 40 na atamfa daga Iddo zuwa Kantin Kwari, kowace dila naira 500,000. Ruwan sama ya same su tsakanin Jebba da Mokwa, tamfol yagagge ne, dila 6 suka lalace. Asara ta kama naira 3,000,000. Bayan wayabil an rubuta cewa diyya ba ta wuce naira 50,000 a kan kowace dila sai in an bayyana ƙima. Idan ya sa hannu kuma ya bar gurbin ƙima fayau, abin da zai iya samu naira 300,000 ne, kashi ɗaya cikin goma. Idan kuwa ɗan kamasho ne ya karɓi kayan da baki, yaron mota ya kawo takardar bayan tirela ta tashi, yana da ƙwaƙƙwarar hujjar neman cikakkiyar asararsa, domin yagaggen tamfol a damina sakaci ne bayyananne. Diyyar da aka saba ƙiyastawa ita ce ƙimar kayan a kasuwar da aka nufa, a cire abin da jiƙaƙƙiyar atamfar za ta iya kawowa.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa wajen sauke kaya. Mai karɓa ya sa hannu cewa kaya sun iso lafiya, sai washegari a sito a ga ɓarna. Ƙirga kaya a gaban direba, rubuta abin da aka gani a jikin wayabil da ɗaukar hoto tun kaya suna kan mota sun fi kowace shaida amfani.

An daɗe ana saɓani kan ko babban saɓa alkawari yana rushe sharaɗin rage diyya gaba ɗaya. A shari'ar Narumal da kamfanin Niger Benue Transport ta 1989 Kotun Ƙoli ta karkata ga cewa a duba abin da kalmomin yarjejeniya suka ƙunsa. Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018 ta hana sharuɗɗan zalunci, ta kuma wajabta a ja hankalin mai hulɗa ga duk sharaɗin da ke rage alhaki.

Dokar ƙasa da ƙasa

Yarjejeniyar CMR ta Geneva, 1956, wadda ta shafi dakon kaya a mota tsakanin ƙasashe, tana ƙayyade diyya bisa nauyin kaya, kilo-kilo. Najeriya ba ta cikinta.

Inshora da sulhu

Inshorar dole ta mota tana biyan wanda mota ta yi wa ɓarna ne, ba ta rufe kayan da ke bayanta. Inshorar kaya a kan hanya daban ake saye. Mafi yawan rikice-rikice a Legas suna ƙarewa ne a gaban shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin masu motoci irin su NARTO, inda sau da yawa ake raba asarar tsakanin ɓangarorin biyu. Wanda ya zaɓi kotu yana da shekara shida a ƙarƙashin dokar wa'adin ƙara ta Jihar Legas, sai dai wa'adin ƙorafin da ke cikin wayabil kan ƙare tun kafin nan da nisa.