Fachkräfteeinwanderungsgesetz: daga wutsiya ake kama ta

Tun da Jamus ta yi wa dokar nan gyara a 2023, ba na kwana biyu ban ci karo da sunanta ba, ko a rediyo ko a saƙonnin masu neman tafiya. Kwanaki wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa, ya sa yatsa a kan kalmar, ya ce, "Yaya, wai wannan ce dokar da ta buɗe wa kowa ƙofa?" Haka wani dillalin biza ya fassara masa. Raina ya ɓaci, domin amsar tana cikin kalmar kanta, haruffa 29 da ba a koya masa yadda ake yanka su ba.

Bahaushe yana sa ainihin abu a gaba, bayaninsa ya biyo baya: ƙofar gida. Bajamushe kuwa yana cewa Haustür, gida a gaba, ƙofa a ƙarshe. Saboda haka doguwar kalmar Jamusanci daga baya ake fara karanta ta. Tamu ta ƙare da Gesetz, wato doka. Duk abin da ya gabata yana amsa tambaya ɗaya ne: dokar me?

Kafin Gesetz akwai wani s da ke rikita masu koyo, har su shiga ƙamus neman sgesetz, su fito hannu rabbana. Wannan s ba kalma ba ne, maɗauri ne, aikinsa ya yi kama da na r ɗin da ke cikin "dokar". Kalmar da ta ƙare da ung takan ɗauke shi idan za a jingina mata wata. Cire shi, sai ga Einwanderung: ein shi ne ciki, wandern tafiya ko ƙaura, ung kuma ya mai da aikin suna. Ma'ana, shigowa ƙasa domin zama. Kishiyarta Auswanderung, ficewa. A kula kuma da e biyun da suka haɗu a tsakiya. Ba dogon wasali ba ne, nan ne wuƙa take shiga: na farko na kräfte ne, na biyu na ein.

Inda nake so a tsaya sosai shi ne Fach. Asalinsa gurbi ne, ɗaki ɗaya a cikin kabad ko kanta inda ake ajiye abu iri ɗaya. Akwatin gidan waya Postfach ne, aljihun tebur Schubfach. Daga nan ma'anar ta miƙe: darasin makaranta Fach ne, sana'ar mutum ma Fach ce, kamar an raba ilimi gurbi-gurbi kowa da nasa. Likitan da ya ƙware a fanni ɗaya Facharzt ake ce masa. Kraft kuwa ƙarfi ne, jam'insa Kräfte, amma idan ana maganar aiki yana nufin mutumin da ke yin aikin, kamar yadda ake kiran malamin makaranta Lehrkraft. Ke nan Fachkraft shi ne mai aikin da ke da gurbinsa, wanda ya koyi fanni ya iya.

Yanzu a jera daga baya zuwa gaba: dokar shigowar ƙwararrun ma'aikata. Hausa ta fito daidai, ba sai an juya komai ba. Babu "kowa" a ciki. Babu mafaka ma, ita tana da tata dokar, Asylgesetz. Wanda ya ce maka "dokar biza" kawai ya yar da Fach, alhali shi ne ke tantance wanda ake nufi.

Sai dai yanka kalma yana da iyaka. Handschuh idan ka yanka "takalmin hannu" ne, sai ka yi tunani kafin ka gane safar hannu ake nufi. Haka Fachkraft: yankan ya ba ka "ƙwararre", bai faɗa maka wane ne ƙwararre a idon hukuma ba. Dokar, wadda ta fara aiki ran 1 ga Maris 2020, tana nufin mai digirin jami'a ko wanda ya yi koyon sana'a na aƙalla shekara 2, kuma Jamus ta amince da takardarsa. Gyaran 2023 ya buɗe wata hanya ga masu gogewar aiki, amma a mafi yawan sana'o'i ita ma tana neman takardar da ƙasar mutum ta amince da ita.

Nan ne abin yake ci mini rai. Ƙanena ya yi shekara takwas a garejin maigidansa, yana gane ciwon injin daga ƙararsa. A wurina ya cika gurbinsa. Amma bai da takarda, kuma kalmar takarda take tambaya. Na rubuta masa gaɓoɓin a bayan ambulan, Fach, Kräfte, Einwanderung, s, Gesetz, na ja layi a ƙarƙashin na farko, na ce kada ya biya dillalin nan ko sisi sai ya fara neman takardar shaidar sana'arsa.