Waiwaye: Yadda Legas ta buɗe wa jiragen ruwa ƙofa, teku ta biyo baya

Duk damina sai hotunan sun dawo: motoci sun nutse har gilashi a Lekki, ma'aikata sun naɗe wando suna ratsa ruwa a Victoria Island, 'yan gwari a Mile 12 suna jan kwandunan tumatir zuwa tudu. Mutumin da ya taso a Kano ko Katsina, inda gari ke zaune a kan tsandauri, ba laifi ba ne in ya tambaya: me ya kai miliyoyin mutane su tare a wurin da ƙasa da ruwa suke kusan kai ɗaya? Amsar tana cikin tarihin wata 'yar ƙofa ta ruwa, da kuma rairayin da yake toshe ta.

Gaɓar tekun da ta taso daga Kwatano ta nufi yankin Neja Delta ba ta da kirki ga jirgi. Dogon zirin rairayi ne miƙaƙƙe, igiyar ruwa na dukansa dare da rana, babu lungun da za a fake. Amma a bayan wannan ziri akwai tafkuna da rafuka masu kwanciyar ruwa, waɗanda kwalekwale zai bi daga Badagiri har Epe ba tare da ya leƙa teku ba. Kogin Ogun ma a nan yake juye ruwansa. A Legas ne wannan ruwa na ciki ya samu kafar fita zuwa teku. Wato kayan cikin ƙasa suna gangarowa ta kogi da tafki, na ƙetare suna isowa ta teku, sai su haɗu a bakin ƙofa ɗaya. Wannan shi ne sirrin kusan duk babban birnin da ke bakin ruwa, daga Iskandariya ta Masar zuwa Shanghai: kafin zuwan jirgin ƙasa da mota babu hanyar ɗaukar kaya mai nauyi da ta kai ruwa araha, har yau ma babu. Ga kifi, ga fili shimfiɗaɗɗe, ga tsibiri mai wuyar kai wa hari.

Masunta da manoma na ƙabilar Awori ne suka fara zama a tsibirin Legas, daga baya masarautar Benin ta shimfiɗa ikonta a kansa. Sunan Eko, wanda mu muke cewa Ikko, tun wancan zamani yake. Turawan Fotugal ne suka raɗa masa Lagos, ma'ana tafkuna. Cinikin bayi ya yi wa garin ƙiba a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, sannan Ingila ta yi masa ruwan wuta a 1851, ta kore Sarki Kosoko, ta kuma karɓe garin ɗungurungum a 1861.

Sai dai ƙofar nan tana da aibi. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana zuwa ne a karkace daga kudu maso yamma, don haka kullum tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas, kamar mai shara da ba ya gajiya. Da rairayin ya iso bakin tafkin Legas sai ya taru ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa, tudun kuma ba ya zama wuri ɗaya. Babban jirgi ba ya iya haye shi. Sai ya tsaya can cikin teku, a sauke fasinja da kaya cikin ƙananan jirage, su kuma su ratsa ta kan tudun ruwa na wurgi da su. An yi asarar jirage da rayuka a wurin. Wani kayan ma sai an kai shi Forcados, can yankin Neja Delta, a sauya masa jirgi a dawo da shi Legas.

A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka yanke shawarar gamawa da wannan tudu. Tsakanin wajen 1908 da 1912 aka jibge duwatsu, waɗanda jirgin ƙasa ya riƙa ɗaukowa daga wajen Abeokuta, aka gina dogayen katangu da suka kutsa cikin teku, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma da ƙofar. Katangar yamma ta tare rairayi, matsewar ƙofar kuma ta ƙara wa ruwan da ke fita ƙarfi, aka haɗa da yasa. A 1914 manyan jirage suka fara shigowa har ciki. A daidai wannan lokaci layin dogon da aka faro daga Legas a 1896 ya haɗu da Kano a 1912, gyaɗa da fata da auduga suka fara gangarowa. Buhunan da aka yi dala da su a Kano, yawancinsu ta wannan ƙofa suka fita. Aka gina tashar Apapa a shekarun 1920, gari ya zama hedikwatar Najeriya daga 1914 har zuwa Disamban 1991. Ƙidayar 1963 ta ba birnin mutum kusan 665,000. Ta 2006 ta ba jihar sama da miliyan tara, gwamnatin jihar ta ce ƙarya ne, sun kai miliyan 17 da rabi.

To, rairayin da aka tare fa, ina ya nufa? Bai je ko'ina ba. Ya taru a bayan katangar yamma, gaɓar wannan ɓangare ta yi ta faɗi tana shiga teku. Gabas da ƙofa kuwa, inda Bar Beach, gaɓar Victoria Island, take a da, igiyar ruwa ba ta daina aikinta ba. Tana ci gaba da kwasar rairayi tana yin gabas da shi, amma babu sabon da ke zuwa ya maye gurbi. Rumbu ne ake ɗiba ba a zubawa. A hankali teku ta cinye fiye da kilomita ɗaya na gaɓar a kusa da katangar gabas. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnatoci suka yi ta sayen rairayi ana zubawa, teku tana lashewa, a sake ba da kwangila. Zuwa farkon shekarun 2000 ruwa ya riƙa tsallakowa kan titin Ahmadu Bello, har ƙofar ofisoshin da jihohi suka gina a jere a bakin tekun.

Maganin da aka kawo daga 2008 shi ne Eko Atlantic: a yaso rairayi daga cikin teku a cike wurin da ruwa ya cinye, kusan murabba'in kilomita goma, a kewaye shi da katangar duwatsu da tubalan kankare masu nauyin tan biyar-biyar, sannan a sayar da filin. Ta fuskar kare Victoria Island, katangar ta yi aikinta, wannan ba abin musu ba ne. Amma igiyar ruwa ba ta san an sa hannu a kwangila ba. Tana nan da yunwarta, in ta tarar da kankare sai ta ƙara gaba. A Agustan 2012 teku ta yi toroƙo ta share rumfuna a Kuramo, mutane suka mutu. Can gabas, a Okun Alfa da Alpha Beach, gidaje da itatuwan kwakwa sun faɗa ruwa. Mazauna wurin suna ɗora laifin a kan sabon aikin, masu aikin suna cewa zaizayar ta girme su. A ganina duka biyun suna da gaskiya: ciwon tun 1912 yake, kowace sabuwar katanga kuma tana matsar da shi ne zuwa ƙofar wanda ba shi da kuɗin gina tasa.

Wannan na teku ke nan. Ambaliyar da ta fi damun mutanen Legas a kullum daga sama take zuwa. A ranar 10 ga Yulin 2011 an wuni ana ruwa, sama da milimita 200 ya sauka, aka rasa rayuka fiye da ashirin. Bari mu auna wannan adadi da abin da ido ya saba gani. Milimita 200 a kan hekta ɗaya lita miliyan biyu ce, wato kusan tankar mai sittin, irin mai cin lita 33,000. Wannan a fili ɗaya ke nan da ya ɗan fi filin ƙwallo girma. A garin da ke kan tudu ruwan zai gangara ya tafi. A Lekki ko Ajegunle, inda ƙasa ba ta fi tafki tsawo da mita ɗaya ko biyu ba, kwata ba ta da gangaren da za ta gudu. In kuma aka yi rashin sa'a ruwan ya zo lokacin da teku ta ciko, bakin kwatar kansa yana ƙarƙashin ruwa, to ko babu leda ɗaya a ciki ba za ta zubar ba. Mai lura zai iya gane unguwar da ke cikin wannan hali tun kafin ya biya kuɗin haya: ya duba kwata a ranar da ba a yi ruwa ba, in ya ga ruwanta yana hawa yana sauka, ko yana komawa baya, teku ce ke numfashi a ciki.

A da fadamu da dazukan bakin ruwa ne suke shanye wannan rara. Su ne aka yi ta cikewa. An fara tun zamanin Gwamna MacGregor na Turawan mulkin mallaka, da sunan yaƙi da sauro, aka ci gaba bayan annobar da ta ɓarke a 1924. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta jihar ta rushe Maroko, unguwar talakawa da ke kusa da Victoria Island, aka ce wurin ya yi kwari, bai dace da zaman ɗan Adam ba. Mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Aka zuba rairayi, yau filin yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Duk wanda ya cike filinsa ya ɗaga shi da mita guda, ruwan da ya saba kwana a nan gidan maƙwabci zai koma.

Akwai kuma ruwa na uku, na kogi. Idan dam ɗin Oyan da ke jihar Ogun ya cika a ƙarshen damina aka buɗe shi, kogin Ogun yana malala a Isheri da Owode da kewayen Mile 12, wani lokaci rana na tsaka babu ko hadari. Haka aka yi a Oktoban 2010, kuma an sha maimaitawa.

A ƙarƙashin duk wannan, ma'aunin kansa yana motsi. Tekun duniya ta ƙaru da kusan santimita 20 daga 1900 zuwa yau, yanzu tana hawa da wajen milimita huɗu a shekara. Ƙasar da aka yi da ciko kuwa tana lotsawa, musamman in aka ɗora mata bene aka kuma zuƙe ruwan ƙarƙashinta da rijiyoyin burtsatse. Alamarta tsagewar bango, da daɓen gida da ya koma ƙasa da titi, da rijiyar da ta fara ɗanɗanon gishiri. Jakarta ta riga kowa nisa a wannan hanya: wasu unguwannin arewacinta sun riƙa nutsewa da sama da santimita goma a shekara, har gwamnatin Indonesiya ta sanar a 2019 cewa za ta ƙaura da hedikwata zuwa tsibirin Borneo. Legas ba ta kai nan ba.

Mu kam mun riga mun ga abin da ƙaura da hedikwata ke yi. Ma'aikatu sun koma Abuja a 1991, amma jirgin ruwa ba ya zuwa Abuja, don haka kasuwa da jama'a suka yi zamansu. A 2023 aka buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki, aka kuma ƙaddamar da matatar man Ɗangote kusa da ita, dukansu a kan zirin rairayin nan da ke gabas da tsofaffin katangun 1912.