Mene ne LQR, kuma me Q da R suke saye da sayarwa?

LQR hanya ce ta lissafi da injiniyoyi ke bi su gano yawan ƙarfin da za a ba wa na'ura domin ta koma inda ake so ta tsaya. Rudolf Kalman ne ya kafa ginshiƙinta a shekarar 1960. Maimakon injiniya ya yi ta murɗa lambobi da ka, sai ya rubuta farashi: kaza nake cajin kuskure, kaza nake cajin ƙarfin mota, wato injin da ke tura na'urar. Lissafi kuma ya nemo masa tuƙin da ya fi araha.

Farashin shi ne J = ∫(xᵀQx + uᵀRu)dt. A nan x yana nuna yadda na'ura ta kauce daga inda ake so, u kuma ƙarfin da aka tura mata. Q da R jadawalin lambobi ne da injiniya ke zaɓa da kansa. Ya ɗaga Q, ya tsananta wa kuskure. Ya ɗaga R, ya ce ƙarfi yana da tsada, a yi tattali. Amsar takan fito a matsayin u = −Kx, inda K jerin lambobi ne da ake ninka x da su, kuma ana samun sa ta warware wani lissafi da ake kira lissafin Riccati.

Mu ɗauki ƙaramar kura mai nauyin kilo 1 a kan dogo mai santsi, mota na tura ta. Abu biyu muke aunawa, nisanta daga wurin tsayawa da saurinta. Idan muka ɗora farashi q a kan nisa kaɗai, r a kan ƙarfi, sai K ya fito da lamba biyu: k₁ = √(q/r) na nisa, da k₂ = √(2k₁) na sauri. Ga yadda ake nemo K a manhajar MATLAB, inda A da B ke bayyana motsin kurar:

```
A = [0 1; 0 0]; B = [0; 1];
K = lqr(A, B, diag([16 0]), 1)
```

Abu na farko da za a lura shi ne rabon q/r ne kawai ke aiki. Ko ka sa 16 da 1, ko 160 da 10, K ɗaya za ka samu. Yanzu a ce kurar ta kauce da mita 1. Da q/r = 1, K shi ne 1 da 1.41, motar za ta fara da niyutan 1, kurar ta natsu cikin kamar daƙiƙa 6. Da q/r = 16, K ya zama 4 da 2.83; daƙiƙa 3 ta isa, amma turin farko niyutan 4 ne. Aka kai shi 256, lokaci ya sauka zuwa daƙiƙa ɗaya da rabi, ƙarfi ya haura niyutan 16. Wato duk sanda ka raba lokaci biyu, ƙarfin da motar za ta bayar ya ninka sau huɗu. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi cancanta ɗalibi ya riƙe, domin lissafin bai san girman motarka ba. Idan iyakarta niyutan 5 ne kuma K ya nemi 16, motar za ta ƙure, kurar ta ɗauki lokaci fiye da yadda kwamfuta ta nuna. Alamar a fili take: ka zana u, ka ga layin ya miƙe ɗoɗar a kan iyaka. Ga kuma wata matsala: babban k₂ yana ninka hayaniyar ma'aunin sauri, sai motar ta riƙa karkarwa tana zafi alhali kurar na tsaye.

To daga ina ake fara zaɓe? Yawanci da ƙa'idar Bryson: a ɗauki mafi girman abin da za a lamunta, a ninka shi da kansa, a raba 1 da abin da ya fito. Idan kuskuren da za mu jure rabin mita ne, q = 4. Idan muna son ƙarfi ya tsaya a niyutan 2, r = 0.25. Rabonsu 16, kuma a kaucewar rabin mita motar za ta nemi niyutan 2 cif. Amfaninta na biyu shi ne ta daidaita ma'aunai, don mita da niyutan ba a tara su haka kawai.

A duk gwaje-gwajen nan kurar takan zarce da kusan kashi 4 cikin 100 kafin ta dawo, kuma ɗaga q ba ya hana wannan. Maganin shi ne a caji sauri ma. Da r = 0.25, a sa 2 a gurbin sauri na Q, sai k₂ ya tashi daga 2.83 zuwa 4, kurar ta iso ba tare da zarcewa ba.

An san LQR da juriya ga kuskuren lissafi, amma sharaɗinsa a auna dukkan x kai tsaye. Idan saurin ƙiyasta shi ake yi da matatar Kalman, John Doyle ya nuna a 1978 cewa wannan tabbacin ya faɗi, sai an sake gwada juriyar tsarin daga farko.