Koyar da reshiyo a ajin da fahimtar ɗalibai ta bambanta

Tambaya: Ajina ya haɗa masu saurin ganewa da waɗanda ke fama da rabawa. Shin sai na shirya darussa uku?

Darasi ɗaya ya wadatar, muddin dukkan ɗalibai suna aiki a kan reshiyo guda, sannan a bambanta musu adadin da za su raba da irin taimakon da za su samu. A ɗauki 3:5 a matsayin misali. Rukuni na farko a ba su ƙwayoyin ƙirga 16 da takardar da aka riga aka zana akwatuna uku a layin sama da biyar a layin ƙasa, su riƙa sa ƙwaya ɗaya ɗaya har su ƙare, inda za su ga kowane akwati ya sami 2, wato rabon ya zama 6 da 10. Rukuni na biyu su raba 56 a kan 3:5, su zana akwatunan da kansu, su gano cewa kaso takwas ne, kowane kaso 7, amsar kuwa 21 da 35. Rukuni na uku kuma a ɓoye musu jimilla, a ce musu mutum na biyu ya fi na farko da 14, su nemo abin da aka raba. Dole su lura cewa akwatuna biyu ne suka haifar da ratar, saboda haka kowane kaso 7 ne, jimillar kuma 56. A ganina wannan ya fi a ba masu ƙoƙari lambobi masu girma, domin babbar lamba tana ƙara wahalar lissafi ne kawai, tunanin yana nan yadda yake.

Tambaya: Ta yaya zan san wanda zai shiga wane rukuni?

Da tambaya ɗaya a mintuna biyar na farko, wadda kowa zai rubuta amsarta ya ɗaga a lokaci guda. A ce ana haɗa fenti ja gwangwani 2 da shuɗi gwangwani 3, to idan ja ya zama 4, shuɗi nawa ake bukata don kada launin ya canza? Wanda ya rubuta 5 ya ƙara biyu ne a kowane ɓangare, alamar cewa har yanzu da ƙari yake tunani maimakon ninkawa, kuma shi ne ya fi bukatar ƙwayoyi da akwatuna. Waɗanda suka rubuta 6 sai a sake tambayarsu, idan ja ya zama 5 fa? Duk wanda ya kai ga 7.5 kuma ya iya bayyana dalili, ya isa aikin rukuni na uku. Wannan rabon na darasin ranar ne kaɗai. Bai kamata a ɗora shi a kan makin zangon da ya wuce ba, domin akwai ɗalibin da ya ƙware a ninkawa amma reshiyo ya ruɗa shi.

Tambaya: Waɗanne kurakurai zan sa wa ido yayin da nake zagayawa?

A rukuni na biyu za a ga mai raba 56 da 3, sannan ya sake raba ta da 5, saboda bai haɗa kason ba. Wani kuma zai ɗauki 3:5 tamkar uku bisa biyar na jimilla, alhali uku bisa takwas ne. A rukuni na uku kuskuren da aka fi yi shi ne raba 14 da 8, domin hannu ya saba da haɗa lambobin reshiyo kafin a karanta tambayar da kyau. Maimakon malami ya faɗi amsa, ya fi amfani ya ce wa ɗalibin, "Nuna mini inda 14 take a zanenka." Galibi da ya ɗora yatsa a kan akwatuna biyun da suka zarce, sai ya gyara da kansa. Haka kuma a koya wa kowa duba aikinsa ta hanya biyu: kason biyu su haɗu su ba da jimilla, kuma idan aka rage 21:35 ta koma 3:5.

Tambaya: Yaushe zan janye taimakon, kuma ta yaya zan rufe darasin?

Ɗalibin da ya warware tambaya biyu a jere da ƙwayoyi, a karɓe su a bar masa zane, domin idan ya daɗe da su zai koma ƙirga ɗaya ɗaya ya daina rabawa, kuma ƙwayoyi ba za su yi masa amfani ba idan adadin ya kai 240. A darasi na minti 40, a ware goma na ƙarshe a haɗa ajin wuri guda. A rubuta 6:10 da 21:35 a kan allo, a fara da rukuni na farko su bayyana yadda suka sami tasu, sannan a tambayi kowa me ya sa amsoshin biyu suka zama reshiyo ɗaya. Rukuni na biyu da na uku kuma su kwatanta zanensu, su bayyana yadda ɗaya ya faro daga 56 ya sami 7, ɗayan kuma ya faro daga 14 ya iso 56.